Ƙuri'a Ba Ciniki Ba Ce: Yadda Mai Kantin Littattafai a Williamsville Zai Tambayi Jama'a Ya Sami Amsar Gaskiya

Duk wanda ya taɓa bi ta Adjamé a farkon watan Satumba ya san yadda kasuwar littafi ke tumbatsa. Lokacin komawa makaranta ne a Kodebuwa, iyaye na yawo da takardar jerin littattafai a hannu, masu kasa tsofaffin littattafai a gefen titi, waɗanda mutanen Abijan ke kira librairie par terre, suna ta kiran mai wucewa. Manyan kantuna irin su Librairie de France suna da nasu masu saye. Ƙaramin mai kanti na cikin unguwa kuwa, irin Bahaushen da ke da shago a Williamsville ko a wani lungu na Treichville, yana tsakiya ne: ba shi da jarin manya, ba shi kuma da arhar masu kasawa a ƙasa. Abin da ya fi su da shi ɗaya ne, ya san masu sayensa da suna, kuma lambobinsu na cikin wayarsa.

Wannan ne ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi da jefa tambaya a shafin kanti suka shiga ran masu wannan sana'a. Abu ne mai sauƙi, ba a biyan ko dala, kuma nan da nan mutum zai ga shafinsa ya yi motsi. Sai dai motsi daban, ciniki daban. Littafi ba tumatir ba ne da zai ruɓe, amma idan ya yi kwantai yakan danne jari wata da watanni, ga laimar Abijan da ke sa takarda ta yi fumfuna. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai kanti ba ta yawan waɗanda suka danna ba ce. Tambayar ita ce: amsar da na samu za ta canja abin da zan saro, ko kuwa hira ce kawai?

Abin da ya sa tambaya ke ɗaga shafi

Dalilin yana cikin yadda Facebook ke zaɓen abin da zai nuna wa mutum. Ba duk wanda ke bin shafi ne ke ganin abin da aka wallafa ba. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya ba da sanarwar cewa kamfanin zai fifita abubuwan da ke sa mutane su yi magana da juna, musamman 'yan uwa da abokai, a kan abin da shafukan kasuwanci ke wallafawa. Tun daga nan hoton littafi da farashi a ƙasansa ya zama abin da mutane kaɗan ke gani, amma rubutun da ya jawo amsoshi, har masu amsa suka shiga mayar wa juna magana, sai ya ƙara yaɗuwa. Tambaya kuwa ita ce hanya mafi kusa ta sa mutum ya buɗe baki.

Amma wata guda kafin wannan sanarwa, a Disambar 2017, kamfanin ya riga ya toshe wata kafa. Ya ce zai riƙa danne rubutun da ke roƙon dannawa kawai, irin su "danna alamar zuciya idan kana son wannan, danna ta dariya idan wancan kake so", ko "rubuta E a ƙasa", ko "ambaci abokanka biyar". Shafin da ya mayar da wannan ɗabi'a kuwa, duk abin da ya wallafa na iya raguwar isa ga jama'a. A cikin sanarwar an keɓe masu neman shawara ko taimako na gaskiya, su ba a taɓa su. Ma'anar wannan ga mai kanti a fili take. Idan ya jera hoton Magana Jari Ce da na Ruwan Bagaja ya ce a zaɓa da alamar yatsa ko ta zuciya, ya faɗa cikin abin da ake dannewa. Idan kuwa ya tambaya, "Wane littafin Abubakar Imam kuka fara karantawa, kuma wa ya ba ku shi?", ya yi tambayar da amsarta labari ce, kuma labari ne ke jawo wani labarin.

Kowane dandali da irin ƙuri'arsa

A wurin mafi yawan 'yan kasuwarmu na Abijan, ainihin shafin kanti shi ne zauren WhatsApp. Ƙuri'a ta shigo wannan manhaja a Nuwambar 2022. Ana samun ta a wurin da ake liƙa hoto ko takarda, da sunan `Sondage` a wayar da ke kan Faransanci, ko `Poll` a ta Turanci, kuma tana ɗaukar zaɓi har 12. Akwai wani ɗan maɓalli da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato `Autoriser plusieurs réponses`, ko `Allow multiple answers`. A kunne yake zuwa. Idan ba a kashe shi ba, mutum ɗaya zai iya danna duk littattafan da aka jera, sai ka ga zaure mai mutum hamsin ya ba da ƙuri'a ɗari da ashirin. Alamar wannan kuskure ita ce jimillar ƙuri'u ta zarce yawan waɗanda suka amsa, kuma duk zaɓuɓɓukan sun yi kusan kunnen doki.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, ƙuri'ar zaure ba ta sirri ba ce. Kowa na iya duba wanda ya zaɓi me. Ga mai kanti wannan alheri ne, domin yana da sunan wanda zai tuntuɓa daga baya. Amma yana kuma karkatar da amsa. Matar aure da ke karanta littattafan soyayya na Kano, ko jerin Adoras na Faransanci da kamfanin NEI ya fara fitarwa a Abijan a 1998, ba za ta danna su ba a zauren da abokan mijinta da limamin unguwa ke ciki. Za ta yi shiru, ko ta danna littafin addu'o'i. Mai kanti sai ya ɗauka ba a son hikaya, alhali littafin cinikinsa na nuna akasin haka. Irin wannan tambaya wurinta shi ne labarin awa 24 na Instagram, inda mai shafi ne kaɗai ke ganin sunayen masu zaɓe, ko kuma zauren mata zalla da mace ke kula da shi.

Ginin tambaya

Tambaya iri uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ta ra'ayi: wane marubuci ya fi? Ita ce ta fi tara jama'a, ita ce kuma ta fi rashin amfani wajen sari, domin mutum na iya yabon Ahmadou Kourouma har gobe ba tare da ya taɓa niyyar sayen littafinsa ba. Akwai ta niyya: me za ka saya? Ta fi ta farko, amma alƙawarin baki ne. Sai ta uku, tambayar abin da yake tabbatacce: ɗanka aji nawa zai shiga bana? Wadda ta fi ƙarfi ke nan, domin ba ta neman mutum ya yi hasashen zuciyarsa. Idan iyaye talatin suka ce 'ya'yansu za su shiga CM2, ajin jarrabawar CEPE, goma sha biyu kuma suka ce nasu na ajin BEPC, mai kanti ya san littattafan shirin jarrabawa da zai fi tarawa tun kafin makarantu su raba jerinsu.

Ko a tambayar niyya, akwai abin da ke tace ta, wato farashi. Rashin tayi akan bar arha, amma a nan rashin faɗin kuɗi ne ke tara masu "ina so" na banza. Kowane zaɓi ya zo da kuɗinsa a gefe. Kada zaɓin ya wuce huɗu ko biyar, ko da manhaja ta yarda da 12, domin ƙuri'u sittin da aka raba gida goma sha biyu ba sa nuna komai. A ƙarshe kuma a bar ƙofar fita, wato zaɓin "ba na bukata yanzu". Idan babu ita, mai kunya zai danna wani abu don kada a ce ya yi banza da Alhaji.

Harshe ma yana zaɓen wanda zai amsa. A Williamsville mai kanti ɗaya na iya samun dattijon da ya zo daga Tawa ko Maraɗi wanda ajami da Larabci yake karantawa, da ɗansa haifaffen Abijan da ya fi sakewa da Faransanci da Julanci, da baƙon Kano mai Hausar boko. Ƙuri'ar da aka rubuta da Faransanci zalla ra'ayin matasa za ta kawo. Maganin abin shi ne a sa wa kowane zaɓi lamba, a rubuta shi da harsuna biyu a taƙaice, sannan a biyo da saƙon murya da ke karanta su ɗaya bayan ɗaya, a kuma ce wanda ya ga dama ya amsa da murya. Har kalmar da aka zaɓa tana da nauyi. Dattawa da yawa ba sa cewa sun sayi Alƙur'ani, fansa suke cewa ko hadiyya, kuma tambayar da ta kiyaye wannan ladabi ta fi samun amsarsu.

Misali daga farko har ƙarshe

Bari mu ƙaddara wani mai kanti a Williamsville, da alƙaluman da muka ɗauka don misali kawai. Saura wata biyu azumi, yana da sefa 150,000 da zai yi sari da su daga Kano, yana kuma da zaure mai mutum 240. Bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka dawo daga kasuwa suka zauna da wayoyinsu, sai ya jefa ƙuri'a: "Kafin azumi, wanne ɗaya za ku karɓa idan ya iso?" Ya jera Alƙur'ani mai tarjamar Hausa a kan 8,000, da bugun Warshu mai manyan baƙaƙe a kan 6,000, da Risala a kan 3,500, da ƙananan littattafan yara irin su Ahalari da Ishmawi a kan 1,000, sai "ba na bukata yanzu". Ya kashe maɓallin zaɓi da yawa, ya kuma ce za a rufe bayan kwana uku.

Mutum 72 suka amsa. Tarjama ta sami 31, Warshu 18, Risala 9, na yara 6, mutum 8 kuma suka ce ba sa bukata. A nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Mai gaggawa zai ce tarjama ta ci kashi 43 cikin ɗari, zaure kuwa mutum 240 ne, ke nan akwai masu so sama da ɗari. Ba haka ba ne. Mutum 168 da suka yi shiru ba su ce komai ba, kuma galibi wanda ba ya bukata shi ne ke yin shiru. Ko da 31 ɗin kawai ya saro, idan kowane kwafi ya iso Abijan a kan 5,500 har da kuɗin mota, kuɗin ya kama 170,500, ya haura jarinsa gaba ɗaya a kan littafi guda.

Abin da ya kamata ya yi shi ne mataki na biyu, wanda shi ne ainihin aikin. Tunda yana ganin sunayen masu zaɓe, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya a keɓe, ba a cikin zaure ba: "Alhaji, barka da dare. Na ga ka zaɓi mai tarjama. Zan aika Kano ranar Litinin, in ka ba da kafin alƙalami na 2,000 ta Wave ko Orange Money sai in rubuta sunanka." A ce cikin 31 na tarjama mutum 12 suka biya, cikin 18 na Warshu kuwa 11 suka biya. Yanzu hoton ya juye. Littafin da ya yi kamar ya kusa ninka ɗan'uwansa a ƙuri'a, da aka zo wurin kuɗi tazarar mutum ɗaya ce tsakaninsu. Masu tarjama da yawa sha'awa ce ta sa suka danna, masu Warshu kuwa bukata ce.

Daga nan sai ya buɗe littafin cinikin bara. Idan ya ga Warshu na fita sosai a hannun tsofaffi da malaman allo waɗanda ba sa cikin zauren ma sam, ya san ƙuri'a ta rage musu kima. Sai ya saro tarjama 18, wato 12 da aka biya da rarar 6, a kan 99,000. Ya saro Warshu 20 a kan 4,000 kowane, 80,000 ke nan. Jimilla 179,000. Jarinsa da kafin alƙalamin mutum 23, wato 46,000, sun haɗu sun ba shi 196,000, saura 17,000 ya sa a Risala da na yara. Ƙuri'ar ba ta gaya masa adadin da zai saro ba. Ta nuna masa ƙofofin da zai ƙwanƙwasa ne kawai, kuma wannan ne iyakar aikinta.

Akwai riba ta biyu da ba a gani nan take. Yanzu ya san cewa a zaurensa, a littafi mai tsada, kusan biyu cikin biyar na masu dannawa ne ke biya. Idan ya rubuta wannan a duk lokacin da ya yi ƙuri'a, bayan sau huɗu ko biyar zai sami ma'aunin kansa, wanda babu wani masanin talla da zai iya ba shi.

Yawan amsa ba shi ne gaskiyar amsa ba

Wannan tarko ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai yake kamawa ba. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta kuma yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Laifi biyu ne suka haɗu. An tattaro sunaye da yawa daga kundin masu tarho da masu mota, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irinsu ɗaya da waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, da mutane ƙalilan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Zauren mai kanti ma haka yake: masu babbar waya da kuɗin data ne a ciki, kuma masu son magana ne ke amsawa.

Akwai alamomin da ke nuna ƙuri'a ta lalace. Idan sunaye goma ɗin nan ne ke amsawa kullum, hira ake yi da 'yan majalisa, ba da kasuwa ba. Idan ƙuri'ar Facebook ta tashi farat ɗaya cikin dare, a duba inda masu zaɓen suke, domin marubuci na iya tura ta ga masoyansa na Kano ko Yamai su cika ta, alhali ba wanda zai hau gbaka ya zo Williamsville a cikinsu. Idan kuma amsoshi sun kai ɗaruruwa amma ba wanda ya aiko saƙo yana tambayar kuɗi ko kwatancen shago, an yi taron tsintsiya ba shara.

Mafi haɗari ita ce tambayar da ke tara jama'a ta hanyar rigima. Mai sayar da littattafan addini yana zaune ne a tsakiyar 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, duka kuwa masu sayensa ne. Ya tambayi wane malami ya fi ilimi, ko ya taɓo maganar kabalu da sadalu, zai ga amsoshin da bai taɓa gani ba, Facebook ma zai ƙara yaɗa rubutun domin shi cacar baki da hira duk motsi ne a wurinsa. Amma washegari wasu za su fice daga zaure, kuma kantin zai sami laƙabin na ɓangare kaza. Bambancin a lafazi yake. "Warshu da Hafsu wanne ya fi?" neman faɗa ne. "Da wace ruwaya ake koya wa yaranku a islamiyya?" tambayar ɗan kasuwa ce. Siyasar ƙasa kuwa, baƙo mai neman abinci a Abijan ya san ba abin jefawa a ƙuri'a ba ce.

Rufe magana

Abin da ya fi kashe ƙuri'a shi ne a tambayi mutane sannan a yi shiru. Wanda ya amsa sau biyu bai ga abin da amsarsa ta haifar ba, ba zai amsa na uku ba. Don haka idan kwana ukun suka cika, mai kanti ya faɗi sakamako da abin da ya yanke. Ranar da kaya suka sauka a tashar Adjamé ya ɗauki hoton kwalayen, ya ce ga abin da kuka zaɓa ya iso, masu kafin alƙalami su fara zuwa. Idan mota ta makara a hanya ya faɗa tun da wuri, wanda ya nemi kuɗinsa a mayar masa ba tare da ja-in-ja ba. Kada kuma a yawaita: ƙuri'ar sari ɗaya kafin komawa makaranta, ɗaya kafin azumi, da tambayar hira sau ɗaya a mako, sun isa.

Tambayoyin hirar nan ma suna da abin da suke bari a baya. Idan aka tambayi littafin da mutum ya nema ya rasa a Abijan, kowace amsa suna ne na littafin da babu a kanta. Mai kanti ya kwafe su a bayan littafin cinikinsa, ya riƙa sa ɗigo a gaban duk wanda aka sake ambata. Littafin da ya tara ɗigo uku daga mutane uku da ba su san juna ba, shi ne zai shiga ƙuri'a ta gaba da farashinsa a gefe, daga nan kuma sai a ga ko akwai mai sa hannu a aljihu.